Sharhi: Kafin ka sayi janareta, a rubuta maka jadawalin lodi

Sharhinmu na yau na masu ƙananan masana'antu ne, kuma a kan takarda guda yake: jadawalin lodi, inda injiniyan lantarki ke rubuta kowane inji da wutar da yake ci.

Mu ɗauki misalin ƙaramar masana'antar casar shinkafa, irin waɗanda ake gani a Kura. Injin casa kilowat 22, na gogewa 30, na cire tsakuwa da masu ɗaga shinkafa 12, famfon burtsatse 6, fitilu da ofis 10. Jimla 80. A nan mutane da yawa ke tsayawa su nufi kasuwa, alhali wannan adadin na allon jikin injuna ne kawai.

Inji ba kasafai yake cinye abin da aka rubuta masa ba. Idan an auna injunan shinkafar suna tsaka da aiki aka ga kashi 80 cikin ɗari suke ja, to 64 ɗinsu ya koma 51. Fitilu da ofis a ba su 7, tunda ba duka ake kunnawa ba. Famfo ya ci shidansa. Mun sauko 64.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci: su wane ne ke aiki lokaci guda? Idan da asuba ake cika tanki, kafin a tayar da injuna, famfo ya fita daga lissafi, saura 58. Amma a kula, casa da gogewa da cire tsakuwa jere suke, wannan na miƙa wa wancan. Duk wanda ya rage musu wani abu da sunan ba tare suke aiki ba, ya cuci mai masana'anta. Sharaɗin famfon nan ma lallai a rubuta shi a takardar, domin ranar da wani yaro ya kunna shi da azahar, lissafi ya tashi.

Janareta da kVA ake sayar da shi, don haka a raba 58 da 0.8, a sami kusan 73. A ƙara rarar kashi 25 cikin ɗari saboda injin da za a saya baɗi, ya zama 91. Mai kVA 100 ya wadatar.

Rarar nan ba ta ɗauke matsalar tayar da inji. Mai kilowat 30, in aka kunna shi kai tsaye, yakan fizgi ninki shida na wutarsa. Alamarsa fitilu su dushe, janareta ya yi nishi. A sa masa sita-delta, kuma a fara tayar da shi kafin sauran.

Sayen ƙato ma ba dabara ba ce. Janaretan dizal da ke yini ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa, za ka ga baƙin mai na ɗiga daga salansa.

Alhaji mai masana'anta, kada ka biya kuɗin janareta ko taransifoma sai an miƙa maka wannan jadawalin, da sa hannun wanda ya auna.