Kuɗin Gina Shafi: Awa Za Mu Ƙirga ko Riba?

Mu ɗauka wani mai atamfa a Kantin Kwari ya ce mu gina masa shafin intanet na karɓar oda. Muka yanke naira 2,000 duk awa, aikin ya ci awa 20, kuɗinmu 40,000 ke nan. To, ranar da hannunmu ya faɗa har muna gamawa cikin awa 10 fa? Sai 20,000. Ƙwarewa ta jawo mana asara!

Shi ya sa kafin mu faɗi farashi muke tambaya: "Alhaji, nawa ake samu a turmi ɗaya?" Riba muke nufi, ba ciniki ba. In ya ce 1,500, kuma littafinsa ya nuna masu kira daga nesa da yake rasawa za su ɗauki turmi 20 duk wata, shafin zai kawo masa 360,000 a shekara. Mu nemi rubu'i, wato 90,000. Mun ƙaru, shi ma bai cutu ba.

Amma in babu littafi, lissafin ya zama cankar baki. Nan sai mu koma ƙirgar awa, mu rubuta iyakar aikin a takarda, don "ɗan ƙara mini wannan" ba ya ƙarewa.