Kaurin layi a zanen kartun

1/ Ni dai a ganina, takardar ka'idar zanen kartun da babu adadi a cikinta hira ce kawai. "A yi layi mai kauri" ba doka ba ce, wallahi. Masu zane biyar za su kawo maka kauri biyar.

2/ Rubuta adadi: layin gefen jiki fiksel 6 a 1920x1080, na cikin fuska 3, na bango 2.

3/ Sannan ka faɗi yadda za a yi in kyamara ta ja baya. Na taɓa mantawa da wannan: muka ƙanƙanta yarinya zuwa kwata, layinta ya koma 1.5, a waya sai ta narke cikin bango. Fitowa goma sha biyu muka sake zanawa.