Zanen yatsa ba wahayi ba ne

1/
Jiya a ɗakinmu na makaranta muka yi musu. Wani abokina ya ce in ƙwararre ya tsaya a kotu ya ce "wannan zanen yatsan wane ne", magana ta ƙare. Ni kuwa na ce da sauran magana. Ku biyo ni ku ji labarin Brandon Mayfield.

2/
Ranar 11 ga Maris 2004 bama-bamai suka tashi a jiragen ƙasa a Madrid, mutum sama da 190 suka mutu. 'Yan sandan Sifaniya suka tsinci wata leda a cikin mota, da kayan tayar da bam a ciki, da zanen yatsa a jikinta. Suka tura hotonsa ƙasashen waje.

3/
FBI ta saka hoton a kwamfutarta. Ku lura, kwamfutar ba ta cewa "ga mai shi". Jerin masu kama take fitarwa, mutum ne yake zaɓa. Ta fitar da 20. Na huɗu shi ne Mayfield, lauya a jihar Oregon, tsohon soja, wanda ya musulunta.

4/
Yadda ake aikin: layukan yatsa suna da wuraren da suke yankewa da wuraren da suke rabewa biyu. Su ake gwadawa. To amma zanen da aka bari a jikin leda ba ya fita tsaf kamar wanda aka ɗauka a ofis. Guntu ne, dishi-dishi, ga jirkicewa.

5/
Ƙwararrun FBI uku suka ce na Mayfield ne, sun ga wurare 15 da suka dace. Ana cikin haka Sifaniya ta aiko a watan Afrilu cewa su fa a gwajinsu bai dace ba. FBI ta kafe. Ranar 6 ga Mayu aka kama shi. Har ƙwararre na huɗu, wanda kotu ta naɗa, ya ce nasa ne.

6/
Mako biyu yana tsare, sai Sifaniya ta gano mai yatsan: Ouhnane Daoud, ɗan Aljeriya. Aka saki Mayfield, FBI ta ba shi haƙuri, a 2006 gwamnati ta amince ta biya diyyar dala miliyan 2. Ƙwararru huɗu, duk sun zame a wuri ɗaya. Ta yaya?

7/
Binciken ma'aikatar shari'a ya gano cewa bayan sun ga kamar farko, sai suka riƙa kallon zanen Mayfield mai tsabta, suna komawa kan na ledar suna "ganin" abin da babu. Wato amsar ce ta koma tana gyara tambayar.

8/
Akwai wani ɓangare na zanen, sama ta hagu, da bai dace da Mayfield ba sam. A ƙa'ida, saɓani ɗaya da ba a iya bayaninsa ya isa a ce ba shi ba ne. Sai suka ce ai taɓawa biyu ce ta hau kan juna. Masu dubawa na baya kuma sun riga sun san hukuncin na farko.

9/
Wani mai bincike, Itiel Dror, ya gwada abin. Ya ba ƙwararru biyar zanen da su da kansu suka taɓa cewa ya dace, amma aka ce musu na shari'ar Mayfield ne. Uku suka ce bai dace ba, ɗaya ya ce ba zai iya yankewa ba. Ɗaya tak ya tsaya kan bakansa. Labari kawai aka canja musu.

10/
Gwajin ƙwayar halitta ma yana da iyaka. A Jamus an shafe shekaru ana neman wata mata da ake ganin ƙwayoyinta a wuraren laifi da dama. A 2009 aka gane ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin audugar ɗaukar samfur. Gwajin bai yi ƙarya ba, fassarar ce ta kauce.

11/
Abokina ya ce to a daina kenan? A'a. Zanen yatsan nan dai shi ya nuna Daoud ya wanke Mayfield. Kuma ya fi dogaro da furucin da aka tatsa da duka. Matsalata da kalmar "ɗari bisa ɗari" ce. Shaidar ƙwararre ra'ayi ne na mai ilimi, kuma mai ilimi yana kuskure.

12/
Da ni ce lauyan wanda ake tuhuma, abu uku zan tambaya: Ka rubuta abin da ka gani a zanen wurin laifi kafin ka kalli na wanda ake zargi? Wanda ya duba bayanka ya san hukuncinka? Akwai inda bai dace ba, me ka yi da shi?

13/
Mayfield lauya ne, kuma wata ƙasa ta tsaya ta ce a'a. Wanda ba shi da ko ɗaya daga ciki fa? Shi ya sa nake ganin wajibi ne alƙali ya nemi a nuna masa yadda aka kai ga hukuncin, kafin ya rufe mutum a kansa.