Albasar Tarka da Maggiya: buhu ɗaya ba zai gamsar da kowa ba

Duk shekara, daga watan Maris zuwa Afrilu, manyan motoci na yin layi a Madawa, Sabon Gida, Karofane da Tamaske suna lodin albasa zuwa Accra, Kumasi, Abidjan da Lome. A lokacin ne kuma farashi yake faɗuwa ƙasa warwas, domin kowa ya cire tasa a tare. Manoman gundumomin Madawa, Buza da Keita sun saba ɗora laifin a kan 'yan kasuwa da masu shiga tsakani, kuma akwai gaskiya a kukansu. Sai dai wannan jarida na ganin akwai wata asarar da ake tafkawa tun a bakin gona: ana zuba manya, matsakaita, ƙanana da masu rauni a buhu guda, a ɗinke masa hula, a sayar kamar duk masu saye abu ɗaya suke nema.

Masana kasuwanci na kiran maganin wannan matsala rarraba masu saye. Ma'anarsa mai sayarwa ya kasa abokan cinikinsa gida-gida bisa bukatunsu, sannan ya shirya wa kowane gida hajar da ta dace da shi. Ana fara aikin ne da tambayar wa zai ci albasar, yaushe, kuma me ya fi damunsa.

Aƙalla gida huɗu ne ke sayen albasar Galmi. Na farko su ne matan da ke kasa ta a kasuwannin biranen gaɓar teku. Su ƙidaya suke yi, ba awo ba, don haka buhun matsakaita masu kai ɗaya ya fi musu riba, tunda kashi ya fi yawa kuma babu gardama da mai cefane. Na biyu masu dafa abincin sayarwa da masu tsire da balangu, waɗanda ke yanka da yawa a rana guda. Babbar albasa na rage musu aikin ɓarewa, kuma ba su damu da ta jima ba. Na uku mai ajiya, wanda ke jiran watannin Satumba zuwa Disamba lokacin da albasa ke tsada. Shi abin da yake dubawa shi ne wuyan albasar ya bushe ya tsuke, ɓawonta bai yage ba. Na huɗu kantunan zamani da otal-otal, masu son ƙaramin buhun raga mai nauyi sananne. A Abidjan, albasar Holan da ke zuwa cikin buhunan kilo 25 ta riƙe wannan gida, musamman a ƙarshen shekara, yayin da ta Nijar ke isa a buhun da ya haura kilo 100, wanda babu mai sanin abin da ke tsakiyarsa sai an zazzage.

Buhun da aka cakuɗa ba ya gamsar da ko ɗaya cikin huɗun. Mai saye da bai san abin da ke ciki ba yana rage kuɗi ne don kare kansa, kuma manomin da ya kawo mai kyau shi ke biyan kuɗin wannan zargi.

Ga misali, da alƙaluman da aka ƙaddara don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce manomi a kwarin Tarka ya cire buhu 100, ana sayen cakuɗaɗɗe jika 10. Idan ya sayar duka, ya samu jika 1,000, wato sefa miliyan ɗaya. A ce kuma ya tsince, ya samu manya 30, matsakaita 50, ƙanana 15, masu rauni 5. Ya sayar da manya jika 12, matsakaita 11, ƙanana 7, masu rauni 3. Jimilla jika 1,030. Idan ladan masu tsinta ya ci jika 30, ya koma inda ya fara. Tsinta kaɗai, a sayar wa mutum ɗaya a rana ɗaya, ba ta ƙara masa komai ba.

Ribar na fitowa ne idan kowane kashi ya je wurin mai nemansa. A ce ya sayar da manya, ƙanana da masu rauni nan take, ya karɓi jika 480, abin da zai biya bashin mai da taki. Matsakaitan 50 kuma ya zuba su a rudu. Bayan wata biyar kashi ɗaya cikin biyar ya tafi a ruɓa da ƙanƙancewa, saura buhu 40, farashi ya kai jika 25. Ya samu jika 1,000. Ko an cire jika 80 na tsinta da kula da rudu, yana da 1,400. Da cakuɗaɗɗiya ya ajiye, manyan da suka sha ruwa da takin yuriya su ne za su fara ruɓewa, su shafa wa na kusa da su, ƙila ya fito da buhu 30 maimakon 40.

Wannan ya nuna zaɓen mai saye na farawa tun albasa na ƙasa. Wanda ke nufin mai ajiya sai ya rage yuriya a ƙarshen noma, ya tsayar da ban ruwa kamar mako biyu kafin cira, ya jira ganye ya kwanta, ya bar ta ta sha iska kafin ya zuba a rudu. Wanda ke nufin masu abinci yana iya neman girma, amma ya sani dole ya sayar da wuri.

Dabarar na da iyaka. Gidan masu saye ba shi da amfani idan ba a iya kaiwa gare shi. Takunkumin ECOWAS bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin sun nuna yadda hanya kan yanke, mota ta daɗe a tsaye albasa na ruɓewa. Haka kuma manomi mai buhu 20 ba zai cika mota da girma ɗaya ba sai ya haɗa kai da wasu. Wanda kuma ya ci bashin ɗan kasuwa tun lokacin dashe ba shi da zaɓin mai saye.

Saboda haka kira na farko ga ƙungiyar ANFO ta masu sana'ar albasa da shugabannin cibiyoyin cinikin Madawa da Tamaske: su amince da ma'aunin girma guda uku, a bayyana farashin kowane kashi daban, a kuma rubuta kashin da nauyin a jikin buhu. Sunan albasar Galmi ya riga ya yi nisa, amma suna ba ya gaya wa mai kanti abin da ke cikin buhu.

Kira na biyu ga matasan yankin da ke ci-rani a Accra da Abidjan. Su ke tsaye a gaban mai saye kullum, su suka san wane girma ke fara ƙarewa a kasuwar Adjen Kotoku da kuma wanda ke kwantai. Mai aika kuɗin noma gida ya haɗa da wannan labari tun kafin a yi dashe, ya kuma nemo mai saye guda da zai yi alkawarin ɗaukar kashi guda, ko da buhu 50 ne, a gwada a kakar bana.