Murmushi ɗaya a saƙon bayan intabiyu



Makon jiya wani ƙanina a nan Taba ya dawo daga intabiyun aikin akawu a wani kamfanin takin zamani a Zariya. Ya rubuta wa matar da ta tantance su saƙon godiya ta WhatsApp, ya liƙa 🙂 a ƙarshe, sannan ya miƙo mini wayar: "Yaya, in tura?" Na ce ya goge fuskar tukuna.

Ba wai imoji abin wasan yara ba ne. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta ɗauki 👍 da wani manomi ya tura a matsayin amincewa da ciniki, ta ci shi diyyar kusan dalar Kanada 82,000. Matsalar murmushin ita ce ba kai ke da iko da ma'anarsa ba. Wannan fuskar da mu muke gani fara'a, matasan Sin da yawa gatse suke nufi da ita. Ko zanenta ma ya bambanta: yadda Tecno ke nuna ta a saƙon tes daban, iPhone daban.

Bari ma Sin, mu dawo gida. Saurayi ɗan shekara 24 ne zai yi wa matar da ta girme shi, wataƙila matar aure, murmushi a waya bayan haɗuwar minti ashirin. A zaure ba zai yi mata haka ba, gaisuwa zai yi ya sunkuyar da kai. Kuma irin wannan saƙon ba ya tsaya a wayarta. Tana iya tura wa manaja yadda yake, shi kuwa bai ga ladabin da yaron ya nuna a ɗakin ba, rubutun kawai zai gani.

Ga abin da muka tura washegari da ƙarfe goma na safe:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ni ne wanda ya zo daga Kudan intabiyun akawu jiya Talata. Na gode da lokacin da aka ba ni. Tambayar da kuka yi mini kan lissafin bashin dillalai ta ƙara mini sha'awar aikin. Idan akwai takardar da ta rage, a shirye nake in kawo. Allah ya ƙara girma."

Jimlar bashin dillalan nan ita ta yi aikin da yake so murmushin ya yi: ta nuna ya saurara, ta kuma tuna mata wane ne shi cikin waɗanda ta gani. Na kuma cire masa "a taimaka mini don Allah", wadda a ganina ta fi imojin illa, domin tana mai da mai neman aiki mai roƙo.

Yaushe murmushin zai shiga? In ita ta fara sa shi a amsarta, guda ɗaya a WhatsApp ba laifi, amma ban da imel. Tata amsar ta zo bayan la'asar: "To madalla, za mu neme ka." Babu fuska ko ɗaya.