Masu shiri a bayan surar zane: me ya sa ba a tona sunansu?

A ranar 1 ga watan Mayun 2025, Gawr Gura ta yi shirinta na ƙarshe a YouTube, ta bar masu bibiya sama da miliyan huɗu. Ta yi kusan shekara biyar tana waƙa, tana wasannin bidiyo, tana hira kai tsaye da masu kallo, amma kamfanin da take yi wa aiki bai taɓa bayyana sunanta na yanka ko fuskarta ba. Abin da ake gani a allo zane ne na wata yarinya mai farin gashi da ratsin shuɗi, da haƙora masu tsini, sanye da riga mai siffar kifin shak, riƙe da mashi mai baki uku.

Irin waɗannan masu shiri su ake kira VTuber, kuma sana'ar ta yi ƙarfi ne a Japan tun bayan fitowar Kizuna AI a ƙarshen 2016. Mutum ne na gaske ke zaune gaban kyamara, manhaja kuma tana bin motsin idonsa da bakinsa da kansa, tana ɗora shi a kan zanen. Idan ya yi dariya, zanen ya yi dariya. Murya tasa ce, raha tasa ce, gajiyar ma tasa ce. Japanawa na kiransa naka no hito, wato mutumin da ke ciki.

Gane surar ba wuya, kuma babu laifi a ciki. Wanda hoton yarinyar mai rigar kifi ya faɗo masa a WhatsApp ko TikTok yana iya saka shi a binciken hoto na Google, sunan ya fito nan take. Ko ba haka ba, kowace sura tana da alamominta da ake gane ta da su, irin su launin gashi da sutura da abin da take riƙe. Sunan tashar ma yakan nuna gidan da ta fito: tashar Gura na ɗauke da kalmar hololive-EN, wato ɓangaren Ingilishi na Hololive, mallakar kamfanin Cover na Tokyo. Babban abokin hamayyarsa shi ne Nijisanji na kamfanin Anycolor. Har mai zanen surar akan san shi, domin ana bayyana sunansa. Duk waɗannan bayanai masu su ne suka fitar da su da kansu.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambaya ta biyu: to wace ce a ciki? Amsarta ba ta cikin hoton, domin zane ne ba fuskar kowa ba. Masu naci sai su koma wa murya, su kwatanta ta da ta wata tsohuwar tasha, su haɗa da wata magana da ta suɓuce a cikin shiri, kamar girgizar ƙasa da aka ji ko sunan wani kanti. Daga nan sai hasashe ya fara yawo kamar gaskiya. Idan sun yi kuskure, wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba ta san sauka ba ce za ta sha zagi. Idan kuma sun dace, abin da ya sami Mano Aloe ya ishe misali.

Mano Aloe ta fara shiri a Hololive ranar 15 ga Agustan 2020. Ba a jima ba aka gano cewa kafin fitowarta ta yi gwajin surarta a wani dandali, kuma bidiyon gwajin ya rage a buɗe. Wannan saɓa ƙa'idar kamfani ne, don haka ta nemi afuwa, aka dakatar da ita na mako biyu. Da a ce abin ya tsaya nan, da horo ne na wurin aiki kawai. Amma bidiyon ya zama igiyar da wasu suka bi suka tono bayanan rayuwarta, har ana kiran wayar gidansu. Ranar 31 ga wannan watan kamfanin ya sanar da cewa ta bar aikin. Kwana goma sha shida ke nan daga fara sana'a zuwa rufe ta, a kan kuskuren da masu aikin da kansu suka ga horon mako biyu ya wadatar.

Tsoron da ake yi ya wuce na kiran waya. A 2019 ƴan sandan Japan sun kama wani mutum da ya gano unguwar wata matashiyar mawaƙiya ta hanyar ƙura wa hotonta ido har ya ga hoton tashar jirgin ƙasa a cikin ƙwayar idonta. Ya nemo tashar a taswirar intanet, ya jira ta, ya bi ta gida ya kai mata hari. Ita ba VTuber ba ce, fuskarta a buɗe take. Mace mai masu kallo dubbai a kowane dare tana da dalilin sa labule tsakaninta da su, kuma surar zanen ita ce labulen.

Akwai masu cewa wanda ya ɓoye fuska ya guje wa alhaki, yana iya faɗar abin da ya ga dama. Maganar ba ta da ƙarfi sosai a nan, domin kamfani ya san ma'aikaciyarsa, akwai yarjejeniya a rubuce, kuma kotu na iya kai wa gare ta idan ta yi laifi. Kotunan Japan ma sun riga sun ɗauki surar da mutumin a matsayin abu guda. A ƙarshen Agustan 2022 kotun lardin Osaka ta yanke hukunci cewa zagin da aka yi wa wata sura ya taɓa matar da ke cikinta, tunda kamar sutura ce ta saka take aiki da ita, sannan ta umarci kamfanin intanet ya miƙa bayanan wanda ya yi zagin. Abin lura shi ne an tona sunan wani, amma alƙali ne ya ba da izini bayan ya saurari hujja, kuma ga wadda aka zalunta aka miƙa shi, ba ga jama'a ba. A watan Yulin wannan shekarar Japan ta tsaurara hukuncin zagi, ya kai ɗaurin shekara ɗaya ko tarar yen dubu 300, sama da miliyan ɗaya na sefa, bayan mutuwar ƴar kokawa Hana Kimura a 2020, wadda ta sha cin zarafi a intanet.

Ƙorafin da ya fi nauyi yana wani wajen. Ɓoye sunan yana yi wa kamfanoni daɗi su ma, saboda a manyan gidajen sura da sunanta da tashar duk mallakar kamfani ne. Wadda ta tafi takan bar masu bibiyarta a baya, ta koma da sabuwar sura kamar baƙuwa, sau da yawa ba ta da damar cewa ita ce ta jiya. Wannan rashin daidaito ne na gaske, amma maganinsa yana cikin gyaran yarjejeniyar aiki. Mai kallon da ya watsa sunanta bai ƙwato mata komai daga kamfani ba, sai dai ya ƙara mata masu sintiri a ƙofar gida.

Wasu sukan bayyana kansu idan sun ga lokaci ya yi. A watan Afrilun 2020, bayan shekara uku da ƴan kai ana hasashe, aka sanar a hukumance da sunan matar da ke bai wa Kizuna AI murya, ita ma ta tabbatar da hakan a shafinta.