Daƙiƙa 38 daga karatun sa'a guda

A azumin da ya wuce, wani ɗan'uwa ya jefo bidiyo mai tsawon daƙiƙa 38 a zauren WhatsApp na danginmu. Wani malami ne sananne a kujerar tafsiri, yana cewa da kakkausar murya: "Mace ba ta da gado a gona. Ta yi aure, ta tafi gidan wani. Gona ta maza ce." A lokacin ana tsakiyar maganar rabon gonar wani kawunmu da ya rasu ya bar 'ya'ya mata biyu da namiji ɗaya, don haka kowa ya san inda aka nufa da saƙon.

Muryar malamin ce, fuskarsa ce, ba a ƙara masa ko harafi ɗaya ba, amma bidiyon ƙarya ne. Ra'ayina a nan shi ne, tambayar "shin ya faɗa?" ba ta wadatar wajen tantance guntun wa'azi. Tambayar da ta dace ita ce: a bakin wa ya faɗa, kuma me ya biyo baya?

Wa'azi ya fi sauran jawabai saurin lalacewa idan aka yanka shi, saboda yadda ake gina shi. Mai tafsiri yakan ari bakin wasu. Alaramma zai ja baƙi, malam ya fassara maganar Fir'auna ko ta munafukai da "ni" da "mu", kamar shi ne mai ita. Yakan kuma kawo hujjar abokin saɓani cikakkiya, har ya ƙawata ta, kafin ya rushe ta. A zamanin da ake sauraron tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello ta Rediyon Kaduna, ko ake sayen kaset mai minti 60 ko 90, mai sauraro yana jin shubuhar tare da amsarta. Yanzu ana iya raba su, shubuhar ta yi tafiyarta ita kaɗai.

Harshenmu ma yana sauƙaƙa wa mai yanka aiki. Korewa irin ta "bai halatta ba" tana da wuyar ɓoyewa, domin "ba" ta biyu tana nan a ƙarshe. Amma "ba na cewa", "kada wani ya ce", "wai", "suna cewa" da "idan" duk a farkon jumla suke zama, ba sa barin wata alama a bayansu. Cire daƙiƙa biyu daga gaba ya isa ya mayar da abin da malam yake ƙaryatawa ya zama fatawarsa. Daga baya kuma, abin da ake datsewa shi ne "amma" da "sai dai".

Na fara da sauraron bakin bidiyon guda biyu, farko da ƙarshe, na maimaita kowanne sau da yawa. Bahaushe idan ya kammala magana muryarsa takan sauka, ya ɗan numfasa. A wannan bidiyo kalmar "mace" ta faɗo ne ba tare da numfashin farawa ba, kamar an buɗe ƙofa ana tsakiyar zance. A ƙarshe kuma malamin ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki, sai hoton ya tsaya. Wannan ba hujja ba ce cewa an sauya ma'ana, alama ce kawai cewa akwai abin da aka bari a waje.

Daga nan na shiga neman asalin karatun. Bidiyon da ya yi ta yawo a WhatsApp ba ya nuna ranar da aka ɗauke shi, don haka abin da ke cikin hoton ne madogara: tambarin tashar da ke kusurwa, launin rawani da babbar riga, da kyallen da ke bayan kujera mai ɗauke da shekarar Hijira. Kyallen ya nuna karatun na shekaru uku da suka gabata ne. Tunda magana ce ta gado, na zaci farkon Suratun Nisa'i ne. Na duba jerin tafsirin wannan shekara a shafin YouTube na majalisin, na sami ranar da tufafin suka dace. Tsawon karatun sa'a ɗaya da minti 12.

Guntun yana wajen minti na 41. Na koma baya minti biyar na saurara, sannan na wuce gaba minti biyar. Abin da ya gabaci guntun shi ne: "A ƙauyukanmu za ka ji yayye sun zauna suna cewa wai…" Abin da ya biyo shi kuwa: "To wa ya ba ku wannan hukunci?" Sai ya sa alaramma ya maimaita aya ta 7, wadda ta tabbatar wa maza da mata rabo a abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa. Ya shafe kusan minti shida yana faɗa da masu hana mata gona. An ɗauki kalaman da yake tsinewa an mayar da su makami a kan matan da yake karewa.

Ma'aunin da nake amfani da shi tun daga ranar mai sauƙi ne. Ka rubuta jumla ɗaya kan abin da wanda ya ga guntun kaɗai zai ce malam ya hukunta. Ka rubuta wata kan abin da wanda ya zauna a majalisin zai ce. Idan jumlolin biyu sun yi daidai, yankan taƙaitawa ce. Idan sun saɓa, ƙage ne, ko da kowace kalma ta malam ce.

Akwai mai cewa "an yanke maganar" ta zama mafakar almajirai duk lokacin da malaminsu ya yi katoɓara. Gaskiya ne, kuma ma'aunin nan bai san sani ba. Na taɓa bin wani guntu har asalinsa na tarar cikakken karatun ya fi guntun muni. Wanda ya ce an yanke, shi ma a tambaye shi: kawo cikakken, ka nuna mana minti na nawa. Aikin yana da iyaka kuma. Wani wa'azin a waya ɗaya aka ɗauke shi a masallacin unguwa, babu cikakkensa ko'ina. A irin wannan hali abin da za ka iya faɗa shi ne ba a tabbatar ba, kuma abin da ba a tabbatar ba bai cancanci ka tura shi gaba ba.

Mafi yawan nauyin yana kan masu yanka, har da matasan da ke kula da shafukan malamai da kyakkyawar niyya. Sukan zaɓi wurin da murya ta fi tashi domin shi ke jan masu kallo, alhali sau da yawa a nan ne malam yake kwaikwayon wanda yake suka. Duk guntun da za a saki ya kamata ya fara daga inda tambaya ta fara, ya ƙare inda hukunci ya ƙare, a rubuta masa rana da wuri da mintin da aka ciro shi.

Na tura cikakken karatun a zauren danginmu, na rubuta: "A saurara daga minti na 40 zuwa na 48." Wanda ya jefo guntun ya ce shi ma turo masa aka yi, kuma na yarda da shi. An raba gonar bayan Sallah, matan biyu sun karɓi rabonsu. Guntun kuwa har yanzu yana yawo; makon jiya na sake ganinsa a wani zauren.